CV A PDF: Shawarar Masu Buga Takardu A Maradi

Da muka tattauna da masu aikin buga takardu a kwamfuta a Maradi, bakinsu ya zo ɗaya: kada ka tura CV a fayil ɗin Word. Idan wayar mai karɓa ba ta da salon harafin da ka zaɓa, sai ta musanya shi da wani, layin ƙarshe ya zame zuwa shafi na biyu.

Maganin shi ne PDF, amma ta Save As ko Export. Wata daga cikinsu ta ja kunne cewa Microsoft Print to PDF kan kashe mahaɗin da aka ɓoye cikin kalma, ka latsa ba ya buɗewa. Ka saita takarda A4, ba Letter ba. Kafin ka tura, buɗe shi a wayar wani, ka latsa kowane mahaɗi.