Ko ka soke sabunta data, sai sun ci kati? Muhawarar 'yan garinmu

Baffa Sule: Ni na faɗa na kuma: soke sabunta data ɓata lokaci ne. Ranar Lahadi daga kasuwar Gujungu na sa katin naira 1,000, bayan yaron nan Sadiƙu ya ce ya soke min. Yau Alhamis saura 300, kuma ban kira kowa ba. Magani ɗaya ne, kada ka bar ko sisi a layi.

Habu mai caji: Baffa, kafin mu yanke hukunci, a duba saƙonnin da kamfanin ya turo daga Lahadi zuwa yau. Duk datar da ta sabunta kanta tana barin shaida, saƙo ne zai shigo da sunan datar da kuɗin da aka cire da ranar ƙarewarta. A ba Sadiƙu wayar ya karanto mana.

Lawan Direba: Ba sai an sha wannan wahalar ba. Baffa, a rubuta STOP a tura wa 2442, shi ke nan. Ni tun da na yi na huta.

Malama Hadiza: Lawan, 2442 aikinsa daban. Lambar hana saƙonnin talla ce, waɗanda ke cika waya da ka ci gasa, ka sayi kaza. Hutun da ka samu daga su ne. Datar da mutum ya saya ya amince ta riƙa sabuntawa ba ta san da zaman 2442 ba.

Lawan Direba: To ni dai ba a ƙara taɓa min kati ba, Malama.

Sadiƙu: Yaya Habu, na duba wayar Baffa. Akwai saƙon datar kwana ɗaya ta naira 100 sau huɗu, Litinin, Talata, Laraba da yau da safe. Akwai kuma wani na daren Lahadi, an cire 200 kuɗin bashi. Sai saƙon da ke cewa an soke sabunta datar mako, shi ne wanda na yi.

Habu mai caji: Madalla, lissafi ya fara fitowa. Ɗari huɗu na datar kullum, ɗari biyu na bashi, ɗari shida ke nan. Saura ɗari guda, za mu zo kanta.

Abin da ya faru shi ne data biyu ke kan layin, ta mako da ta kullum. Sadiƙu ya soke ta mako, kuma ta soku, ga shaida a hannu. Ta kullum kuwa ba wanda ya taɓa ta, tana nan tana ɗibar ɗari-ɗari kowace safiya. A shagona wannan ne ya fi kama mutane, domin sokewa ɗaya ba lallai ta share duk abin da ke kan layi ba. Kowace data da tata rajistar.

Ga yadda za ka yi, Sadiƙu. Fara danna `*323#` ka ga datocin da ke kan layin da ranar ƙarewar kowacce, ka rubuta su a takarda. Sannan ka danna `*312#`, wadda tun 2023 ita ce lambar data a duk layukan ƙasar nan bayan hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin. Ka nemi wurin da aka rubuta Auto-Renew ko Cancel Auto-Renewal, galibi yana can ƙasa, sai ka wuce shafin farko. Ba zan ce maka danna 8 ko 9 ba, domin jerin ya bambanta daga layi zuwa layi, kuma suna sauya shi. Karanta da idonka, ka zaɓi ta kullum ɗin, ka tabbatar.

Kada ka ajiye wayar sai saƙon tabbaci ya shigo. Ka san sabis ɗin unguwarku, sau da yawa allon yana ɓacewa kafin a kai matakin ƙarshe, mutum ya tafi yana zaton ya gama alhali umarnin bai isa ba. In haka ta faru ka fito bakin titi ka sake daga farko. Kuma wayar Baffa layi biyu ce, ka lura da wanda ka zaɓa lokacin dannawa.

Baffa Sule: To ni yaushe na ce su riƙa saya min data kullum? Ko karatun boko ban yi ba.

Malama Hadiza: Nan ne nake tare da ku, Baffa. Tun 2018 hukumar ta hana a sabunta wa mutum data ba da yardarsa ba. Shi ya sa in za ka saya ake tambaya, Auto-Renew ko One-off. Amma tambayar da Turanci take, a allon da ke ɓacewa cikin daƙiƙu, kuma a garinmu yawanci wani ake miƙa wa waya ya saya. Yaro yana sauri ya danna na farko. A wajen kamfani an amince, mai wayar kuwa bai ma san an tambaye shi ba. Ni ban kira wannan yarda ba. Duk wanda ke saya wa dattijo data, don Allah ya zaɓi One-off, sayen sau ɗaya.

Gwaggo Asabe: Ni ma waƙa ce aka sa min, duk wanda ya kira ni sai ya ce yana jin kiɗa. Har surukina ya ji. Wannan lambar za ta cire ta?

Habu mai caji: A'a Gwaggo, taku ba data ba ce. Waƙar kira da labaran ƙwallo da makamantansu `*305#` ake dannawa a dakatar da su. Sadiƙu, kai ma danna ta a wayar Baffa, wataƙila ɗarin da ta ɓace tana can. In ba komai, to zargina ya koma kan tazarar da ke tsakanin ƙarewar data da sabuntawarta: in datar waya tana kunne, wasu layukan kan ci gaba da hawa intanet da kuɗin kati kai tsaye, kuma wannan ya fi kowace data tsada.

Nura ɗalibi: Ni fa ban ga laifin sabuntawar ba ga mai datar wata. In ta sabunta a kan lokaci, ragowar da ba ka ƙarar ba tana bin ka zuwa sabon wata. Kuma ta manhajar kamfanin ya fi sauƙi, ka buɗe ka ga duk datocinka a jere, ka kashe wadda ba ka so.

Malama Hadiza: Manhaja tana son babbar waya da sabis mai ƙarfi, Nura. Kai kana Dutse. Kuma ragowar ba sai da sabuntawar dole ba, in ka sake sayen irinta da hannunka kafin wa'adi ya cika, ita ma tana haɗuwa.

Baffa Sule: Duk na ji. Amma in ban bar kuɗi a layi ba, me za su ɗauka?

Habu mai caji: Ranar ba za su samu komai ba, Baffa. Sai dai rajistar tana nan ba ta mutu ba. Na sha ganin wanda ya sa kati washegari don ya kira asibiti, kafin ya gama danna lamba an cire na data. Bashi kuwa, wanda aka ciyo ta `*303#`, shi ne farkon abin da ake zarewa ko da bayan wata ne.

Nura ɗalibi: A nawa layin in ta nemi kuɗi ba ta samu ba, faɗuwa take yi, ba ta dawowa.

Habu mai caji: Ba irin layinku ɗaya da Baffa ba, kuma ta kullum da ta wata ba halinsu ɗaya ba. Ni ba zan sa dattijo ya dogara da haka ba.

Sadiƙu: Na soke ta kullum, saƙo ya shigo. Datar yau ma tana nan, ba su ƙwace ba. A `*305#` kuma an ce babu komai a kan layin.

Habu mai caji: To ajiye saƙon, kada ka goge. Danna `*310#` yanzu ka rubuta abin da ya rage, ka kashe datar wayar da dare, gobe da hantsi ka sake dubawa. In an taɓa ko naira ɗaya, kira 300 ka karanta musu saƙon, ka tambaye su ɗarin nan ma, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su gyara ba sai 622, layin hukumar, kyauta ne, kuma za su nemi waccan lambar.

Baffa Sule: Allah Ya kai mu goben. Amma ɗarin nan sai an faɗa min inda ta shiga.