Me za mu kira "kuros aldol" da Hausa?

Malam Sani, Jekadafari: Jama'a, ina shirya wa ɗalibaina bayanin aldol da Hausa, wato haɗuwar aldihaid ko kiton guda biyu su zama abu ɗaya, na cije a wuri ɗaya. Idan aldihaid ya haɗu da ɗan'uwansa iri ɗaya, babu matsala. To idan iri biyu ne daban, wato kuros aldol, me za mu ce? "Aldol na gicciye" bai kwanta mini ba, don babu abin da ya gitta wani.

Hajara, Kumo: Malam, ni "haɗin gambiza" nake ce masa. A jarabawa an ba mu CH3CHO da CH3CH2CHO cikin NaOH, na zana sakamako ɗaya tal, na rasa makin.

Malam Sani: Ai huɗu ne, Hajara. Kowannensu yana da haidirojin a kabon alfa, wanda ke maƙwabtaka da C=O, don haka kowa na iya zama inolet, wato abin da ke samuwa idan OH⁻ na NaOH ya cire wannan haidirojin, ya kai hari, kowa kuma na iya karɓa. Biyu na kowa da irinsa, biyu na haɗaka: CH3CH2CH(OH)CH2CHO idan itanal, wato CH3CHO, ya kai harin, CH3CH(OH)CH(CH3)CHO idan ɗayan ne. Amma gambiza sunan lalacewar aikin ne, ba sunan aikin ba.

Malama Asabe, Pantami: Ku duba aure mana. Na iri ɗaya "aldol na zumunci", na iri biyu "aldol na bare". Dabarar kuma zaɓen abokin zama ce. Ɗauki benzaldihaid, C6H5CHO: ba shi da haidirojin alfa, ba zai taɓa kai hari ba, karɓa kawai yake yi. Haɗa shi da asiton, CH3COCH3, asiton ya zama inolet, ya fi son faɗa wa aldihaid a kan ɗan'uwansa kiton. Ruwa ya fita, a sami C6H5CH=CHCOCH3.

Bala, Dukku: Ke nan, Malama, muddin ɗaya ba shi da haidirojin alfa, sakamako ɗaya ne, shi ke nan.

Malama Asabe: Da sauranka, Bala. Asiton gefe biyu gare shi. Na taɓa ganin ɗalibi ya cika benzaldihaid, kafin ka ce kwabo kwalbar ta cika da daskararren abu rawaya, wato C6H5CH=CHCOCH=CHC6H5, gefen biyu duka sun kama. In gefe ɗaya kake so, asiton ne zai yi rinjaye sosai. In kuma itanal ne a madadin asiton, yana saurin kama ɗan'uwansa, sai ka riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan cikin benzaldihaid da NaOH.

Malam Sani: Na karɓi "na zumunci" da "na bare", Malama, gambiza kuma mu bar ta ga cakuɗar nan ta huɗu. Saura "inolet". Na so in ce "mahari".

Malama Asabe: A nan ban yarda ba, Malam. OH⁻ ma ai hari yake kaiwa. Sai mu sake lale.