Mai wayarin ɗaya, gini uku: ku ba ni shawara

Ɗan kwangila, Kubwa:
Assalamu alaikum. Don Allah 'yan uwa ku fitar da ni, kaina ya kulle. Ina da aiki a wuri uku, kuma mai wayarin ɗaya na amince da shi. Shekara tara muna tare, tun ina karɓar gyaran shago a kasuwar Wuse, lokacin ko babur ba ni da shi, har ranar auren ƙanwarsa ni na tuƙa motar amarya. Akwai bene a Lugbe da za a zuba dekin ranar Asabar ɗin nan, zai shimfiɗa fayif na kwana 4. Akwai gida a Kubwa, fayif na bango kwana 5, masu filasta za su shigo Litinin ta sama. Sai gyaran gida a Gwarinpa, ɗaura soket da fitilu kwana 3, mai gidan zai tare ƙarshen mako na biyu. Kwana 12 ke nan, kuma Litinin zuwa Asabar sau biyu kwana 12 ne, ai ya kamata ya isa. Amma makon jiya kullum yana zagaya duka ukun, babu inda ya kammala komai, jiya har ya kashe wayarsa. Yaya zan yi?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. Kashe wayar nan ita ce ta tsaya mini. Haka telana ya yi mini da ƙaramar Sallah, ya karɓi ɗinkin rabin unguwa, daren Sallah muka iske shago a kulle, yarana da tsofaffin kaya suka je idi. Masu aikin hannu ba sa iya cewa a'a. Ka bincika, wallahi yana da wani aikin a ɓoye.

Ɗan Nyanya:
Oga ka ƙara masa kuɗi kawai. Ciki ne ke magana.

Injiniya, Gwarinpa:
Alhaji, lissafinka na jimla daidai ne, amma jimlar ce take yaudararka. Ka raba shi mako mako ka gani. Lugbe da Kubwa dukansu ka yi alkawarin gama su kafin Litinin ta sama, wato kwana 9 na aiki ka cusa a cikin kwana 6. Mako na biyu kuma kwana 3 kacal ke ciki. Mutumin bai gaza ba, an ɗora masa mako ɗaya da rabi ne a mako ɗaya.

Kuma akwai ranar da ba ka ƙirga ba. Ranar zuba kankare dole ya tsaya a wurin. Leburori za su taka fayif da baro, wani zai tsage, wani akwatin fitila zai goce, kuma idan babu mai gyarawa nan take, sai bayan watanni ranar jan waya za ka gane kankare ya toshe hanya. Don haka Lugbe kwana 5 ne, jimla 13.

Kafin in ce komai, amsa mini biyu. Yaushe masu rodi za su gama a Lugbe? Kuma an gama fenti a Gwarinpa?

Ɗan kwangila, Kubwa:
Masu rodi Litinin da yamma in sha Allahu. Fenti saura falo da matattakala. Amma Injiniya ka gane, mai gidan Gwarinpa babban mutum ne, shi ya haɗa ni da aikin Lugben ma. Kullum da safe sai ya kira. Shi ya sa nake tura mai wayarin can ko na awa biyu ne, mai gidan ya ga ana motsi.

Injiniya, Gwarinpa:
To ga ciwon nan. Kana bin wanda ya fi ƙara, alhali wanda ba shi da sarari ya kamata ka bi. Kowane aiki ka tambayi kanka, kwana nawa zan iya jinkirta shi ba tare da wani ya tsaya jirana ba?

Lugbe ba shi da ko kwana ɗaya. Zai fara Talata, ya gama Juma'a, a zuba Asabar. Ka riga ka kama injin kwaɓa, ka tara leburori, yashi da tsakuwa suna ƙasa. Kubwa yana da kwana 1, tunda aikin kwana 5 ne a cikin 6. Gwarinpa aikin kwana 3 ne a cikin 12, ka cire ranar shara da goge-goge, yana da sararin kwana 8. Wanda ya fi kowa sarari shi kake ba safiyar mutuminka, kuma ga fenti ba a gama ba, duk soket ɗin da aka ɗaura a falo sai mai fenti ya shafe shi.

Ga yadda zan jera shi da ni ne. Litinin Lugbe bai shirya ba, ya wuni a Kubwa da alli da tef, ya zana duk hanyar fayif, tsayin kowane makunni, inda akwatin rarraba wuta zai zauna. Talata zuwa Asabar Lugbe kaɗai, ko leƙen wani wuri babu. A kwanakin nan yaransa biyu su sassaƙe bangon Kubwa bisa zanen. A cikin kwana 5 ɗin Kubwa, kusan 2 sassaƙa ce, ba ta buƙatar gwani, hannu da guduma take so. Litinin da Talata ta sama ya koma Kubwa ya sa fayif da akwatuna. Laraba zuwa Juma'a Gwarinpa. Ka ƙirga: 1, 5, 2, 3, kwana 11. Asabar ta ƙarshe ta rage maka ta ko-ta-kwana.

Kuɗin da za ka biya shi ne filastar Kubwa ta koma Laraba, jinkirin kwana 2. Babu yadda za a yi kowa ya samu ranarsa. Ka zaɓi wanda jinkirinsa ya fi araha, ka kira shi yau.

Magini, Dei-Dei:
Injiniya ya yi gaskiya, amma masu filasta ba sai sun jira Laraba ba. Su fara da bangon waje da katanga ranar Litinin, kafin su zagayo ciki an gama. Mu haka muke yi.

Injiniya, Gwarinpa:
Katanga ƙwarai, in babu fitila a kanta. Bangon waje kuwa akwai fitilun tsaro da hanyar shigowar waya daga mita, sai dai ya fara da su da sassafen Litinin, su biyo bayansa.

Ɗan kwangila, Kubwa:
Maganar yara su sassaƙa ba ya nan, gaskiya ban yarda ba. Bara wani yaro ya fasa mini ginshiƙi har rodi ya fito, ni na biya gyaran. Ni abin da nake tunani, in sa janareta ya riƙa yin Kubwa da dare bayan ya taso daga Lugbe. Kusa da gidansa ne.

Injiniya, Gwarinpa:
Ka yi masa jan fenti a kan kowane ginshiƙi, ka ce wanda ya taɓa ja ya bar aiki. In kuma ka ƙi sam, to ka san farashinsa. Kubwa zai cinye Litinin zuwa Alhamis, filasta ta koma Juma'a, jinkirin kwana 4. Gwarinpa ya zama Juma'a, Asabar, Litinin, ka saɓa wa babban mutumin naka da kanka.

Aikin dare kuma, Alhaji, ka taɓa tasowa daga Lugbe da yamma ka nufi Kubwa? Awa guda ba ta kai ka in an samu cunkoso. Mutum ya wuni a duƙe kan rodi cikin rana, ya iso bayan Magariba, me zai iya? Dare uku ka samu aikin kwana ɗaya, sannan gajiyar ta bi shi dekin, inda kuskure ba ya gyaruwa sai da fasa kankare. Zagayen makon jiya ma abin da ya ci shi ke nan. Hanya, kwance kaya, ɗaure kaya, tuna inda aka tsaya, kusan rabin wuni ya tafi bai taɓa fayif ba.

Ɗalibar injiniyanci:
Baba, ka saka duka a Microsoft Project, manhajar kwamfuta ta tsara jadawalin aiki. Zai nuna maka ɗan jan mutum a gefen duk aikin da ya yi wa ma'aikaci yawa, sai ka danna Level All, ya gyara maka jadawalin da kansa.

Injiniya, Gwarinpa:
'Yata, zai gyara, ta hanyar tura ayyuka gaba, har ranar ƙarshe ma ya tura in ba ki hana shi ba. In kin sa alama a Level only within available slack, ba zai taɓa ranar ƙarshe ba, amma jan mutumin zai zauna daram a makon farko, don sararin Kubwa kwana 1 ne kawai. Kuma bai san sassaƙa aikin yara ba ce sai kin raba masa aikin gida biyu. Aiki uku da mutum ɗaya, bayan kwalin siminti ma ya isa.

Mai shagon kayan wuta:
Duk wannan dogon lissafi na mene ne? Abuja ta ƙare da masu wayarin ne? Ɗauki wani ya yi Gwarinpa ko Kubwa, magana ta mutu. Dogaro da mutum ɗaya shi ne matsalar. Yau in zazzaɓi ya kwantar da shi fa?

Injiniya, Gwarinpa:
Batun zazzaɓi ka faɗi gaskiya, kuma jadawalina kwana ɗaya kawai zai iya shanyewa, a Lugbe ma ko ɗaya. Amma Gwarinpa ba wurin baƙo ba ne. Gyaran tsohon gida ne, wanda ya ja wayar shi ya san wace ta tafi ina, baƙo zai wuni yana kiransa a waya yana kan dekin. In za a ɗauko wani, Kubwa za a ba shi, bango ne tsirara kuma ga zane.

Mai shagon kayan wuta:
Ni ban yarda ba. Ɗaura soket kowa ya iya, ya sa abin gwaji ya bi layi.

Maman 'yan biyu:
Har yanzu ba wanda ya tambayi me ya sa ya kashe waya.

Ɗan kwangila, Kubwa:
Hajiya ba shi da wani aiki, na san shi. Baƙo kuma ba zan sa ba, zai ji kamar na raina shi. Na gode Injiniya, zan duba. Sai dai yanzu mai gidan Gwarinpa ya kira, wai manyan fitilun falo da ya yi oda sun iso, yana son ya ga an rataye ko biyu ranar Talata kafin ya yi tafiya. Na ce masa to. Awa uku ne kawai, da sassafe, daga nan ya wuce Lugbe.

Magini, Dei-Dei:
Falon da ba a gama fenti ba?

Injiniya, Gwarinpa:
Awa uku da hanya rabin Talata ne, ita kuma Juma'a da ma ba cikakkiyar rana ba ce saboda masallaci. Wa zai kira mai injin kwaɓa ya ce masa an ɗaga Asabar, kai ko ni?

Ɗan kwangila, Kubwa:
Ba za a ɗaga ba in sha Allahu, yana da sauri. Bari in sake gwada layinsa.