Fowad ya ce A, ribas ya ce AB: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Sabon ma'aikacin lab: Assalamu alaikum. Daren jiya aka kawo jinin wani dattijo ɗan shekara 78, ana son leda biyu. A fowad, wato gwajin ƙwayoyin jini, ƙwayoyinsa sun dunƙule sosai da anti-A, ba su motsa da anti-B ba, wato A ke nan. A ribas kuwa, wato gwajin ruwan jini, da na ɗiga ruwan jininsa a kan ƙwayoyin A1 da na B, shiru duka biyun, kamar AB. Na sake ɗibar jini da hannuna, na duba suna da lamba, bai canja ba. Gabana ya faɗi, wallahi.

Ɗalibi a shekarar ƙarshe: Yallaɓai, ko rulo ne? Na ga an wanke shi da salin ya warware.

Tsohuwar ma'aikaciyar bankin jini: A'a ɗana, rulo ƙara dunƙulewar ƙarya yake yi, ƙwayoyin su jeru kamar an tara kwabbai. Nan kuwa abin da ake jira ne bai fito ba. Tsufa kan raunana anti-B na jikin mutum har ya ɓuya. Na samu irinsa a wata gyatuma. Na bar tub ɗin minti 30 a zafin ɗaki, na juya a na'ura, sai ɗan alama. Na sa a firij, digiri 4, minti 15, ƙwayoyin B suka dunƙule sarai. Amma kada ka kai firij sai da ƙarin tub biyu: ruwan jininsa da ƙwayoyin O, da kuma ruwan jininsa da ƙwayoyinsa. Idan su ma suka dunƙule, sanyi ne ya ta da wani abu daban, sakamakon ya ɓaci. Kafin a warware, in jinin na gaggawa ne, ƙwayoyin O da suka dace a kurosmach, wato gwajin dacewar jinin leda da na mara lafiya, za ka bayar.

Baban mai sikila: Ni 'yata A aka rubuta mata tun tana ƙarama, bara wani lab ya ce O ce. Rukunin jini na canjawa ne?

Tsohuwar ma'aikaciyar bankin jini: Malam, an ƙara mata jinin O kafin gwajin? Ƙwayoyin da aka ƙara kan yi makonni a jiki, sai a ga wasu sun dunƙule, wasu na yawo. In a kan tayil aka ɗiga jinin aka gwada, mai sauri zai ce O. Ka riƙa gaya musu ranar ƙarin jini na ƙarshe.

Ma'aikacin asibitin karkara: Mu nan tayil kawai muke yi, babu ƙwayoyin ribas. Hajiya, in na haɗa nawa daga ledojin da muka tabbatar, kwana nawa za su yi?

Sabon ma'aikacin lab: Na bi yadda Hajiya ta ce. B ta dunƙule bayan firij, tub ɗin O da nasa lafiya lau. A ne, leda biyun sun dace. Tambayar ɗan'uwa na karkara nake jiran amsarta ni ma.