Reza, injin gemu mai raga, ko kilifa: wanne ya raba ku da ƙurajen aski?

Gemun Waya: Jama'a, ina neman shawarar waɗanda abin ya taɓa samu. Gemuna mai kauri ne, murɗaɗɗe, da ya fito kaɗan sai ya nannaɗe. Da reza mai baki uku nake askewa duk bayan kwana uku. Ranar da na yi askin fuska sumul, amma kwana biyu tsakani sai ƙarƙashin haɓata da wuyana su cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi, in sun warke su bar baƙin tabo. A wurin aiki ba a son mutum ya tara gemu. In koma injin gemu ne, ko kilifa, ko dai ni ne ban iya riƙe reza ba?

Ɗan Gaye: Rezarka ce ta dakushe, abokina. Ka riƙa sauya baki duk aski biyu, in ka gama ka shafa sifirit. Datti ne ke kawo ƙuraje.

Mai Aski: Ɗan Gaye, maganar sauya baki gaskiya ce, dakusasshiyar reza fizgar gashi take yi. Amma waɗannan ƙurajen ba na datti ba ne. Malam Gemun Waya, ɗauki madubi ka je wurin haske ka duba ƙurji ɗaya da kyau. Za ka ga ɗayan biyu: ko silin gashi ya fito ya lanƙwasa kamar ƙugiya ya soki fata ya koma, ko ka hango baƙin zare kwance a ƙarƙashin fatar bai fito ba sam. Gashin naka ne ke sukarka. Reza tana yanke shi a karkace ta bar masa tsini, shi kuma da ma a murɗe yake tsirowa, to sai ya juyo.

Mai baki uku ko biyar ta fi ɓarna a irin gemunmu. Bakin farko yana ɗan jawo gashin waje, na bayansa ya datse, sai guntun ya koma ƙasa da saman fata. Sumul ɗin nan da kake jin daɗi ke nan. Mai miƙaƙƙen gashi, nasa zai biyo raminsa ya fito. Naka kafin ya iso sama ya riga ya lanƙwasa ya huda gefen ramin. Haka in ka ja fata da yatsu ta miƙe kafin ka aske. Shi ya sa ni ba na tambayar wane abu ya fi kaifi, tambayata ita ce gashi nawa yake bari. Kilifa tana barin ɗan toho, wajen milimita 1, kuma wannan ɗan tohon shi ne maganin.

Baban Yara: Ni na bi duka ukun, bari in faɗi yadda ta kaya. Bayan reza na sayi injin nan mai kawuna uku masu juyawa. A kumatu ba laifi. A wuya kuwa gashina kwance yake, wani ya nufi hagu wani ya nufi maƙogwaro, injin ba ya kama shi, sai in yi ta dannawa ina zagaye wuri ɗaya har fatar ta yi zafi. Ƙuraje suka ragu amma ba su tafi ba. Na sauya zuwa mai raga, wanda ake ja a miƙe. Shi kuma idan gemu ya wuce kwana biyu, gashin ya riga ya lanƙwasa, ba ya shiga ramukan ragar, sai dai ya tsinci wani ya bar wani.

Abin da ya yi mini aiki shi ne, da na samu hutu na ajiye komai tsawon mako 4. Makon farko ƙaiƙayi kamar in yi hauka. Kullum da safe in jiƙa tawul da ruwan ɗumi in ɗora minti biyar, sannan in bi gemun da buroshin haƙori mai taushi a hankali. Daga mako na uku gashin da ya nutse ya fara ɓallowa da kansa. Sannan na koma kilifa, na maƙala ƙaramin matajin roba na milimita 1.5, ina bin gashin ta inda ya kwanta, duk bayan kwana biyu. Da fatar ta lafa na cire matajin, na bar sandar gefen kilifar, wadda ke daidaita tsawon gashin da take bari, a buɗe. Fuskar ba ta yin santsi, ka shafa za ka ji kaushi, amma daga nesa kamar an aske. Tabon ne ya ɗauki watanni kafin ya dushe, wasu har yau suna nan.

Sabon Shiga: Ni kuma nawa ya ƙi cika ta gefen kumatu. An ce in ana yawan sa reza yana ƙara kauri, da gaske ne?

Mai Aski: Ƙanena, aski ba ya ƙara gashi ko ɗaya, guntun ne ke kaushi sai ka zaci ya yi kauri. Ka bar shi kawai. Baban Yara ya tuna mini abu ɗaya: ba kowace kilifa ba ce lafiya. Ƙaramar nan ta fitar da layi, idan aka matso da haƙoranta suka daidaita don ta ci ƙasa sosai, ita da reza duk kanwar ja ce, har yanka take yi in an danna. Kuma a riƙa ɗiga wa bakin mai, a goge gashin da ya maƙale. Kilifar da ta fara fizga ko bakinta ya yi zafi, ku duba ta.

Gemun Waya: To idan aka ce dole sai sumul fa? Wani lokacin ba yadda zan yi.

Malamar Jinya: Maigidana ma haka yake fama. Idan dole ce, reza mai baki ɗaya, bayan wanka lokacin da gashi ya sha ruwa, da kumfa sosai. Ja ɗaya ta inda gashin ya kwanta, ba a miƙar da fata, ba a komawa ta baya don a share saura. Kuma don Allah ku daina tuge gashi da hantsaki. In kun ga wanda ya lanƙwasa ya shige, ku ɗago bakinsa kawai ya fito, kada ku cire shi, domin sabon da zai tsiro daga ƙasa zai sake nutsewa. Sifirit kuma busar da fata yake yi ya ƙara raɗaɗi. Amma idan ƙurajen suna tara mugunya suna yaɗuwa, ko wurin ya yi faci mai saɓa gashi na zubewa, ko tabon ya fara tudu yana tauri, wannan ya wuce batun zaɓen abin aski, a je likitan fata ya gani.

Ɗan Gaye: Ni dai shekara nawa ina sa mai baki biyar, har ta baya nake ja, ban taɓa ganin ƙurji ba.

Baban Yara: Ka gode wa Allah, wataƙila naka bai kai namu murɗewa ba. Ni ko mai baki ɗayan da Malama ta faɗa, na gwada sau biyu, kumatu suka ɗauka, wuya ya ƙi.

Gemun Waya: Na duba madubi kamar yadda Mai Aski ya ce. A kumatu kusan babu komai, a wuya kuwa na ƙirga ƙugiya bakwai. Hutun mako 4 ba zai samu ba yanzu, don haka zan bar wuya ga kilifa da mataji, kumatu in gwada mai baki ɗaya. Akwai wanda ya taɓa raba su haka? Bambancin tsawon yana fitowa a ido?