Bakhan a tanis da hannu ɗaya ko hannu biyu, wanne sabon shiga ya kamata ya fara da shi?

Sabon shiga: Assalamu alaikum yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ban jima da fara tanis ba, shekarata 34, na dama ne ni. Fohan ɗina, wato bugun ɓangaren dama, yana tafiya alhamdulillah amma bakhan, bugun ɓangaren hagu, ya hana ni sakat, in na buga da hannu biyu sai in ji kamar an ɗaure ni kuma ƙwallon raga take faɗawa, in na buga da hannu ɗaya sai ta yi sama ta wuce layi, ga gwiwar hannuna ta fara min tsami ta waje. Wanne ya fi sauƙin koyo in tsaya a kai?

Ɗan Federer: Wa alaikumus salam. Malam hannu ɗaya kawai, kar ka bari a rikita ka. Ka kalli Federer, ka kalli Wawrinka da ya ci manyan kofuna uku da shi a 2014 da 2015 da 2016, kuma biyu daga ciki Djokovic ya doke a wasan ƙarshe. Da hannu ɗaya kana kaiwa ga ƙwallon da ta yi maka nisa, silayis, wato yankan ƙwallo daga sama zuwa ƙasa, yana zo maka da sauƙi, in ka je gaban raga ma hannunka ya riga ya saba. Hannu biyu ai don yara aka yi shi saboda raket ya musu nauyi.

Koci: Ɗan Federer maganar miƙa hannu da silayis gaskiyarka ce, amma ta yaran nan ban yarda ba, Djokovic da Nadal da Serena da Alcaraz da Sinner duk hannu biyu ne. A Fabrairun 2024 da Tsitsipas mai hannu ɗaya ya fita daga goman farko na duniya, a karon farko ke nan tun da aka fara jeren ATP na ƙwararrun yan wasa maza a 1973 da aka duba goman nan babu mai hannu ɗaya ko guda.

To ɗan'uwa Sabon shiga, amsata hannu biyu, kuma dalilin ba ƙarfi ba ne kamar yadda mutane ke zato, lokaci ne. Mai hannu ɗaya dole ya tari ƙwallo a gabansa sosai, gaba da ƙafarsa ta dama da kamar taku ɗaya, hannu a miƙe, in ya makara ko da ƙiftawar ido ne to babu abin da ke bayan raket ɗin da zai tare nauyin ƙwallon sai wuyan hannu da gwiwa. Mai hannu biyu kuwa yana iya bugawa daidai ƙugunsa na gaba, ko ya ɗan makara hannun hagu yana baya yana turawa, ƙwallon za ta tsallake. Shi kuma sabon shiga makara ce sana'arsa ta farko don idonsa bai gama karanta tashin ƙwallo ba tukuna, shi ya sa nake fara manya da abin da ke yafe makara.

Amma kafin in ci gaba, in za ka buga da hannu ɗayan nan kana juya riƙonka ko yadda ka riƙe na fohan haka kake bugawa?

Sabon shiga: Wallahi Koci ban san ana juyawa ba, yadda na riƙe haka nake bugawa duka ɓangarorin.

Koci: To ga ciwon nan. Riƙon fohan in ka kai shi ɓangaren hagu fuskar raket sama take kallo, dole ƙwallo ta tashi, kai kuma don ka rufe fuskar sai ka lanƙwasa wuyan hannu kana turo gwiwa gaba, duk bugu ɗaya jijiyar nan da ke manne da ƙashin gwiwa ta waje ita ke sha. Tsamin da kake ji ke nan. Ka ajiye wannan bugun tun yau.

Ɗauko raket ɗinka ka tsayar da shi gefensa na kallon sama, ba a kwance ba. Marikin yana da fuska takwas, ta saman ita ce ta 1, ka ƙirga zuwa dama. Don hannu biyu, gaɓar gindin ɗan'alinka na dama ta zauna a fuska ta 2, wato riƙon da ake sabis da shi, hannun a can ƙarshen mariki. Hagu ya hau samansa suna taɓa juna ba tazara, tafin hagun yana bayan mariki kamar za ka buga fohan da hagu. Kuma a gaskiya abin da bugun yake ke nan, fohan ne na hagu, dama rakiya kawai yake yi. Ɗaurewar da ka ce kana ji daga nan take, damanka ya saba shugabanci yana jan raket shi kaɗai, hagu ya zama kaya, kafaɗa ba ta juya ba, sai bugun ya tsaya a rabi fuskar ta kife ƙwallo ta shiga raga.

Maganinsa a bango yake. Ka tsaya kamar mita biyar ko shida daga bango, ka saki hannun dama gaba ɗaya, ka riƙe raket da hagu kaɗai a wurin da yake zama, ka saki ƙwallo ta yi tsalle ɗaya ka buga fohan na hagu a hankali daga ƙasa zuwa sama. Yi ashirin, sai ka ɗora dama da yatsu biyu ko uku kawai ka yi wasu ashirin, sannan cikakken riƙo. Minti goma kafin kowane wasa ya isa. Abu biyu za ka dinga dubawa, kafin bugu haɓarka ta kusa taɓa kafaɗar dama, bayan bugu raket ya ƙare a kan kafaɗar dama cibiyarka na kallon bango diddigen hagu ya ɗaga. In ka gama bugu cibiya na kallon gefe to hannu kawai ka yi amfani da shi, ƙugu bai shiga ba.

Mai tebur: Ni fa ban gane wahalar ba, mu da muke bugawa kullum da hannu ɗaya muke bakhan, wuyan hannu kawai za ka karkaɗa ƙwallo ta tafi, ina ma wurin sa hannu biyu a ɗan katakon nan.

Ɗan Federer: Oga tanis na fili ake magana ba na tebur ba.

Koci: Mai tebur ka taɓo abu mai amfani duk da haka. Ƙwallon tebur giram 2.7 ce, ta fili kusan giram 58, raket kuma kusan giram 300. Karkaɗa wuyan hannun da ke cin maki a tebur shi ne ke jawo ciwon gwiwa a fili, duk wanda ya taso daga tebur sai mun yi fama da shi kafin wuyan hannun ya tsaya cak.

Maman biyu: Ni dai bari in faɗi nawa. Na fara tanis na haura arba'in kuma ina da ciwon baya tun haihuwata ta biyu, hannu biyun nan na gwada shi da gaske amma juya ƙugun da ake cewa shi ne ke tayar min da ciwon, in na dawo gida sai na kwanta. Mai koya min ya mayar da ni hannu ɗaya, silayis zalla, raket daga sama yana gangarowa, ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa. Ba na cin kowa da ƙarfi amma ina mayar da ƙwallo kuma matasa ma haushin ta suke ji don ba ta tashi. Steffi Graf ai yawancin bakhan ɗinta silayis ne kuma manyan kofuna 22 ta ci. Don haka Koci a ganina ba kowane babba ne hannu biyu zai yi wa ba.

Koci: Hajiya ban musa miki ba, mai ciwon baya ko wanda hagunsa ya ƙi sam ina mayar da shi. Kuma silayis kowa sai ya koya, Ashleigh Barty kafin ta yi ritaya a 2022 da hannu biyu take dukan ƙarfi amma silayis ɗinta na hannu ɗaya shi ya fi damun abokan karawarta. Abin da nake hana sabon shiga shi ne dukan ƙarfi da hannu ɗaya tun ido bai buɗe ba.

Ɗan Federer: To amma Koci in ya saba da biyu ai shike nan ya rasa ɗayan har abada.

Koci: Sampras da hannu biyu ya taso, yana kusan shekara 14 kocinsa ya sauya masa zuwa ɗaya, ya sha kashi a gasar yara na wani lokaci kafin ya zauna masa. Ƙofa a buɗe take. In ranar ta zo riƙon daban ne, gaɓar ɗan'ali a fuska ta 1, hagu na riƙe da wuyan raket har lokacin sakin bugu, sai ka zaro shi kamar zare takobi daga kube ƙirji na kallon gefe hagu ya koma baya. Sai dai ka san inda yake da rauni, ƙwallon da ta tashi sama da kafaɗa. Shekara da shekaru Nadal da fohan ɗinsa na hagu can yake aika wa Federer, sai da Federer ya koma raket mai faɗin fuska murabba'in inci 97 daga 90 ya kuma riƙa tarar ƙwallo tun tana tasowa sannan ya ci shi a wasan ƙarshe na Australian Open a 2017. Mu kuma filayenmu yawanci masu tauri ne, da rana in zafi ya yi ƙwallo tsalle take ƙarawa, kuma sababbin shiga junansu dogayen ƙwallaye masu lilo suke aika wa juna, daidai inda hannu ɗaya ba ya so.

Tsohon ɗan wasa: Ni shekaruna sun ja kuma da hannu ɗaya aka koya mana tun zamanin raket na katako, har yau shi nake bugawa ban taɓa ciwon gwiwa ba, don haka ina ganin koyarwa ce ba hannu ba. Yaro ka duba kayan aikinka ma. Igiyar roba mai taurin nan da manyan yan wasa ke sawa ba taka ba ce, ka sa mai laushi a ɗaure ta kilo 22 ko 23, mariki kuma in ka riƙe ɗan'alin ɗaya hannun ya iya shiga tsakanin yatsunka da tudun tafi. Matacciyar ƙwallo ma tana cin gwiwa. In ka samu mai ɗigon kore ka yi atisaye da ita, ta fi ta yau da kullum sanyin gudu da kashi 25 cikin ɗari, za ka samu lokacin juya kafaɗa. In tsamin ya kai har ɗaga buta ko murɗa ƙofa yana maka zafi to ka huta ka ga likita.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na gwada riƙon yanzu a tsakar gida, lallai damana ne ke janye raket. Koci tambaya ɗaya, wajen jiran sabis da wane riƙo zan tsaya tunda ban san ɓangaren da za ta zo ba?

Koci: Dama a riƙon fohan amma sakwa-sakwa, hagu a wurinsa na bakhan tun kafin a buga. In ta zo dama ka saki hagu, in ta zo hagu to hagun ne zai murɗa raket yayin da kafaɗa ke juyawa, dama ya zame zuwa fuska ta 2 da kansa. Ka gwada bangon nan sati biyu ka dawo ka faɗa mana inda ƙwallon take faɗawa.

Maman biyu: In bayan sati biyun bayanka ya fara magana dai ka tuna da silayis ɗina.