Inbois ya ce keke 200, fakin lis ya ce katan 620: ejan ya hana ni miƙa takardu

Mai Kekunan Ɗinki, Kano:
Assalamu alaikum. Na yi odar keken ɗinki na masana'anta guda 200 daga Chaina, kwantena ɗaya, kuma jirgin ya riga ya taso zuwa Apapa. Inbois ya nuna keke 200 a kan dala 180 kowanne. Fakin lis ya nuna katan 620, nauyi kilo 15,960. Takardar jirgi kuma ta ce katan 600, kilo 15,600. Katan 20 ɗin nan allura ne da kayan gyara da mai kamfanin ya ba ni kyauta a ranar lodi. Ejan ɗina ya ce kada in kai wa banki takardun a haka. To kyauta ma sai an biya mata fito?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ce da ɗan Chainan ya goge katan 20 ɗin daga fakin lis, ya koma 600 kamar takardar jirgi, shi ke nan. Abin da banki ke dubawa shi ne takardu su dace da juna.

Tsohon Ejan, Tinkan:
Baban Khalifa, banki kam takarda yake dubawa, amma kwastam kwantena suke buɗewa. Idan aka sauke kayan ƙasa ranar bincike aka ƙirga 620 alhali an rubuta 600, ba a ƙara kiran abin kuskuren rubutu, ya zama kayan da ba a bayyana ba. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a rubuta masa takardar ƙarin haraji, wadda muke kira DN, har da tara. Idan jami'in ya ga kamar da gangan aka yi, suna iya tsare kayan.

Alhaji, ejan ɗinka ya yi maka gaskiya. Kwastam ba ruwansu da ko ka biya kuɗin kaya ko kyauta aka ba ka; darajar abin da ya shigo ƙasa suke yi wa haraji. Saboda haka inbois ne ya kamata a gyara, domin fakin lis ɗinka shi ne ya faɗi abin da ke cikin kwantenar.

Takardun nan biyu aikinsu daban ne. Inbois maganar kuɗi yake yi: wa ya sayar, wa ya saya, lambarsa da kwanan wata, mene ne kayan, guda nawa, farashin ɗaya, jimla, da wane kuɗi, ƙasar da aka ƙera su, da sharaɗin cinikin. A nan Najeriya a kan CFR, wato kuɗin kaya haɗe da na jirgi, ake buɗe Form M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, inshora kuma a gida ake yankarta, don haka kuɗin jirgi ya fito a layinsa daban. Misali kekunanka dala 36,000 ne; in jirgi ya ci dala 4,500, a ga 36,000, a ga 4,500, sannan a ga 40,500. Lambar Form M ɗinka ma ta fito a jiki. Fakin lis kuwa babu farashi a cikinsa, jagora ne ga wanda zai tsaya bakin kwantena: katan nawa, lamba nawa zuwa nawa, me ke cikin kowanne, nauyin kaya tsura, nauyinsu da kwali, da girman katan.

Keken masana'anta a rarrabe yake zuwa, shi ya sa keke 200 suka zama katan 600. Wannan ba laifi ba ne muddin fakin lis ya fayyace: 1 zuwa 200 kan keke, 201 zuwa 400 motar da ke juya keken, 401 zuwa 600 tebur da ƙafafu, 601 zuwa 620 allura da kayan gyara. Inbois kuma ya ce cikakken keke ne tare da motarsa da teburinsa, da lambar samfuri. In aka rubuta "keken ɗinki" kawai, jami'in zai ga mota 200 a katan daban ya tambaye ka ina kuɗinsu.

Layin kyautar kuma a ba shi daraja ta gaskiya, a rubuta a gefensa:

```
FREE OF CHARGE - VALUE FOR CUSTOMS PURPOSES ONLY
```

Kuma a raba allura da kayan gyara. A lambobin HS da kwastam ke rarrabe kaya da su, keken yana ƙarƙashin 8452, amma allura 8452.30 ce, kayan gyara 8452.90, kowanne da layinsa.

Hajiya Mai Shadda:
Ni fa shekara da shekaru ina kawo kaya daga Gwanju, ban taɓa ganin wata inbois ba. In kai kayana ofishin kago, su auna, in biya, in karɓa a Kano. Me ya sa ba za ka bi ta nan ba, Alhaji?

Tsohon Ejan, Tinkan:
Hajiya, ke kayanki a kwantenar haɗaka suke tafiya, mai kagon ne ke yin takardun da sunansa. Alhaji kwantenarsa ce shi kaɗai, sunansa ne a kan Form M, kuma tana kan ruwa.

Mai Kekunan Ɗinki, Kano:
Na gode, Malam. In an gyara inbois, takardar jirgin fa? Ita ma 600 ta ce.

Tsohon Ejan, Tinkan:
Ita ce mai ɗan wuya. Wanda ya yi lodin ne zai nemi kamfanin jirgi ya gyara ta daga can, a mayar da ita katan 620, kilo 15,960, kuma akwai kuɗin gyara. Ka matsa masa yau, tun jirgi bai iso ba. Abin da ke cikin takardar jirgi shi ne ke shiga manifes ɗin da kamfanin jirgi ke miƙa wa kwastam. Da zarar ya shiga, gyaransa sai da amincewar kwastam, a nan ne kwanaki ke tafiya. Kwanakin kyauta da kamfanin jirgi ya ba ka suna ƙarewa, sai damarej, kuɗin jinkirin kwantena, ya fara hawa, masu tasha kuma suna lissafin kuɗin ajiya nasu daban, kullum.

Kuma kada ka bari a fitar da PAAR, takardar ƙiyasin haraji da kwastam ke fitarwa, a kan tsofaffin takardu. Da waɗanda banki ya tura ake yin ta, ita kuma ejan zai ɗora bayaninsa a kai. In ta fito da keke 200 kaɗai, sai an koma ta banki a nemi gyara kafin komai ya motsa.

Malama A'i, ma'aikaciyar banki:
Abu ɗaya ba a taɓo ba. Form M ɗin an buɗe shi ne da furofoma, wato inbois ɗin farko na kafin lodi, mai layi ɗaya. Sabon inbois zai zo da layi uku, biyu daga ciki babu su a Form M, kuma mu a teburinmu nan za mu tsaya. Ka je sashen cinikin ƙasashen waje na bankinka da sabon inbois ɗin tun yana daftari, kafin ɗan Chainan ya buga hatimi. A duba sunan kamfaninka harafi da harafi, ya zo daidai da na Form M; na sha ganin an mayar da takardu saboda an bar "Nig. Ltd" a wuri ɗaya. Ka duba takardar SONCAP ɗinka ma, ta shaidar ingancin kaya, ko ta ambaci kayan da aka ƙara, da takardar shaidar ƙasar da aka ƙera kayan, don ita ma tana ɗauke da adadi.

Tsohon Ejan, Tinkan:
Haka ne, Malama. Amma ina ganin gyaran Form M ɗin zai wadatar, tunda kayan kaɗan ne kuma duk 8452 ne.

Malama A'i, ma'aikaciyar banki:
Ba kullum ba, Baba. Ƙara adadi a layin da yake akwai daban, shigo da sabuwar lambar HS bayan an yi lodi daban. Na ga inda aka karɓa, na ga inda aka ce a buɗe wani Form M ɗin na kayan da aka ƙara. Ba zan yanke masa ba sai an ga takardun.

Baban Khalifa:
Duk wannan wahala a kan allura? Ni da ni ne, da na ce ya riƙe kyautarsa.

Mai Kekunan Ɗinki, Kano:
Ai tana cikin kwantena an rufe da sil. Na tura masa saƙo kan inbois da takardar jirgi, gobe da safe zan shiga banki da daftarin. Malama, darajar kyautar nawa zan ce ya rubuta?

Malama A'i, ma'aikaciyar banki:
Farashin da yake sayar wa kowa. In ya sa dala 1 a kan katan 20, sashen ƙiyasi na kwastam za su sa nasu farashin, kuma daga nan har dala 180 ɗin kekunan sai sun sake dubawa.